Man bilicin mai zaiba da mai sitiroyid: bambancinsu, illarsu da yadda ake gane su

A watan Fabrairun 2023, a wani taro da aka yi a Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana shafe-shafen man bilicin a matsayin matsalar lafiya ta ƙasa da ke buƙatar matakin gaggawa. Daga baya kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla don rage amfani da zaiba a duniya, suka tsayar da shekarar 2025 a matsayin wa'adin daina haɗawa da shigo da duk wani kayan kwalliya da aka sa wa zaiba. Labarin ya bazu a rediyo, amma ya bar mutane da tambayoyi. Matar da ke Garko ko Ringim, wadda take sayen manta a kasuwar mako ko wajen dillaliya, ta ji an ce man bilicin na kashe ƙoda, sai ga maƙwabciyarta ta shekara tana shafawa ba abin da ya same ta a ido. Ta ji an ce a nemi lambar NAFDAC, sai ga tiyub ɗin da ya ɓata wa ƙanwarta fuska ɗauke da lambar.

Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa daban-daban a suna ɗaya. Abin da ake kira man bilicin ba abu guda ba ne. Mafi haɗari a cikinsa iri biyu ne, mai zaiba da mai sitiroyid, kuma ba hanya ɗaya suke ɓarna ba, ba hanya ɗaya ake gane su ba, ba kuma hanya ɗaya ake rabuwa da su ba.

## Abin da ke cikin robar

Launin fata yana fitowa ne daga wani sinadari da fatar take yi da kanta, melanin. Shi ne ke tare zafin hasken rana kada ya yi wa fata illa, abin da mai noma da mai tallan nono da mai zuwa rijiya suka fi kowa buƙata. Duk man da ke haskaka fata da gaske, to yana rage yin wannan sinadari ne.

Zaiba, wadda wasu ke kira makuri, ita ce ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa da masu haƙar zinare ke kama zinare da shi. A man shafawa ba a wannan siffar take zuwa ba. Gishirinta ake zubawa, wani farin gari da ke ɓacewa a cikin mai. Yana toshe aikin sinadarin da ke ƙera melanin, shi ya sa fata ke washewa cikin 'yan makonni. Zaiba ba ta da wani amfani a jikin ɗan Adam, kaɗan ko da yawa.

Sitiroyid kuwa magani ne na gaske. Likitoci na rubuta shi don kumburi da ƙaiƙayin fata mai tsanani, na ɗan lokaci, a kan wurin da ciwon yake kawai. Hasken da yake sa wa ba aikinsa ba ne, illarsa ce: yana matse ƙananan jijiyoyin jini na fata, ya rage melanin, ya sa fatar ta yi siriri. Wannan illar ce aka mayar abin sayarwa. Kuma sitiroyid hawa-hawa ne. Akwai mai sauƙi, akwai matsakaici, akwai na ƙoli, wanda a kwali ake rubuta shi *clobetasol propionate 0.05%*. Ƙarfinsa ya ninka na mai sauƙin sau ɗaruruwa, kuma shi ne ya fi yawo a hannun masu haɗi.

Akwai na uku, haidurokwinon, wanda dokar NAFDAC ta 2019 ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan kwalliya. Idan aka daɗe ana shafa shi yakan juye ya bar baƙi-baƙi mai kamar shuɗi a kumatu wanda ke da wuyar fita. Wannan dokar dai ta haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya gaba ɗaya, kuma su biyun ne abin dubawa a nan.

## Yadda suke isa ƙauye

An fi ambaton alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na shafa man haskaka fata. Adadin ya samo asali ne daga wani bincike da aka yi a kan 'yan kasuwa a Legas, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora shi kai tsaye a kan matan Kiyawa ko Bagwai. Abin da ba ya buƙatar lissafi shi ne hanyar da kayan ke bi. Ana saro su daga manyan kasuwannin Kano, su sauka a kasuwannin mako irin su Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, daga nan su shiga kemis na bakin titi da jakar dillaliya mai bi gida-gida. Matar da ba ta fita ma kayan na iske ta har ɗaki, wani lokaci bashi, a biya idan an ɗauki adashi.

Lokacin da aka fi neman su shi ne gab da biki. Gyaran amarya na da, dilka da kurkum da lalle da turare, yana goge dattin fata ne ya sa ta sheƙi, ba ya canza launi. Yanzu sau da yawa ana ƙara masa da “haɗi”, wato man da mai gyaran jiki ta cakuɗa da hannunta ta ɗura a roba marar suna. Wata kuma ba haske ta je nema ba tun farko. Ƙuraje ne suka fito mata, ko ƙyasbi, mai kemis ya ba ta tiyub, ƙurajen suka kwanta, fuskar ta yi haske, aka fara yaba mata, sai ta ci gaba. Da yawa daga masu fama da illar sitiroyid ta wannan ƙofar suka shiga, shi ya sa idan aka tambaye su ko suna bilicin sai su ce a'a, kuma har zuciyarsu ba ƙarya suke yi ba.

## Lissafin roba ɗaya

Hujjar da masu haɗi suka fi kawowa ita ce an sirka. Tiyub ɗin ba zallansa ake shafawa ba, an zuba shi cikin loshan mai yawa, don haka ƙarfinsa ya mutu. Ya kamata a gwada wannan magana da lissafi.

A ɗauka amarya ce saura wata biyu bikinta. An haɗa mata tiyub uku na kulobetasol, kowanne giram 30, a cikin robar loshan mai giram 400. Jimilla giram 490 ke nan, giram 90 daga ciki magani ne. Babban mutum idan zai shafe jikinsa daga fuska zuwa ƙafa yana cin kamar giram 20. Ita kuma an ce ta shafa safe da dare, giram 40 ke nan a rana, don haka robar za ta ƙare cikin kwana 12 ko kusa da haka. Ma'ana cikin kwana 12 ta shafe tiyub uku cif a jikinta, sama da giram 7 na maganin kullum, kimanin giram 51 a mako.

Takardar da ke zuwa da wannan magani ta ce kada a wuce giram 50 a mako, kuma kada a jera fiye da mako biyu, a wasu ƙasashen huɗu, ba tare da likita ya sake dubawa ba. Ta kuma ce an ga giram 2 kacal a rana ya taɓa aikin cikin jiki. Wannan iyakar an sa ta ne ga mai ciwo na gaske da ke hannun likita. Amaryarmu ba ta da ciwo, ta kai iyakar tun makon farko, kuma za ta yi mako takwas a haka. Sirkin ya rage kaurin maganin a kowane lakato, amma bai rage yawan abin da ya hau jikinta ba. Abin da ya yi shi ne baza shi a duk fatar, har da fuska da hammata da matse-matsi, wuraren da fata ta fi tsotsa.

Ga abin da ke biyowa baya, kusan a jere. Makonnin farko fata ta yi haske ta yi sumul, ƙurajen da take da su suka ɓace, domin maganin yana danne duk wani kumburi. A nan ne ake cewa mai ya karɓe ta. Bayan wata ɗaya zuwa 'yan watanni sai fatar ta fara siriri, jijiyoyi ja da kore su bayyana a kumatu da cinya, ɗan bugu kaɗan ya bar tabo. Sai ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya su feso a goshi da ƙirji da baya, gashi ya fara fitowa a haɓa da gefen fuska. Gaɓoɓin yatsu da gwiwa da idon sawu ba sa bin sauran jiki, sai su tsaya baƙi. Sannan nankarwa, ba irin siririyar nan ta haihuwa ba, mai faɗi, ja ko ruwan hanta, a hammata da damtse da cinya da bayan gwiwa. Fatar ce ta yage daga ciki, kuma wannan ba ya komawa ko an daina.

Sitiroyid yana kuma kwantar da garkuwar fata. Makero da ƙyasbi da ƙarzuwa sai su samu fili. Abin da ke ruɗa mutane shi ne maganin yana kashe ƙaiƙayi da jan da za a gane ciwon da su, sai makeron ya bazu har ya rufe ciki da ɗuwawu ba tare da zoben nan nasa da aka sani ba. Mai shi sai ta ƙara shafawa, tana ganin magani take yi. Rauni ma yakan ƙi warkewa da wuri, abin da ke zama matsala idan haihuwa ta zo da tiyata, ɗinki ya ƙi kamawa.

Ɓarnar da ta fi girma ba a fata take ba. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da kotisol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da sukari, musamman lokacin ciwo ko wahala. Sitiroyid kwafin wannan sinadari ne. Idan yana shiga jini kullum ta fata, jiki sai ya ga akwai wadatacce, ya rage yin nasa. Yawansa kuma yana kawo kumburin fuska ta zama zagaye, kitse a ƙeya da ciki alhali hannu da ƙafa na ramewa, hawan jini, ciwon suga, rikicewar al'ada. Wanda ake shafawa kusa da ido yana iya jawo yanar ido ko hawan jinin ido. A ƙauye sau da yawa ana yi wa wannan cikar fuskar fassarar hutu, a ce aure ya karɓe ta.

Ga jarirai abin ya fi sauri. Akwai al'adar cakuɗa man tiyub irin mai magani uku, wanda sitiroyid ke cikinsu, da man kaɗanya ko basilin a riƙa shafe jariri da shi, don ƙurajen zafi ko don kada ya yi duhu bayan suna. Fatar jariri siririya ce, kuma tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsa, ga ƙunzugu da ke rufe wurin ya ƙara tsotsa. Abin da zai ɗauki watanni a jikin babba yana iya bayyana a jikin jariri cikin makonni, har ya taɓa girmansa.

## Zaiba: fata lafiya, ƙoda na ciwo

Mai zaiba ya fi wuyar kamawa domin sau da yawa ba ya ɓata fata da wuri. Fuska na iya yin kyau alhali gubar na taruwa a ƙoda. Iyakar da yarjejeniyar Minamata ta fara sa wa ita ce kashi 1 cikin miliyan, wato miligiram 1 a kilo guda na mai. Najeriya ta amince da yarjejeniyar a 2018. Amma gwaje-gwajen hukumomi a ƙasashe da dama sun sha samun mayukan da ke ɗauke da dubban ninkin wannan, wasu sun haura 10,000. Cikin waɗanda aka sha kamawa akwai ƙananan mayukan fuska na dare da ake yi a Pakistan, irin su Goree da Faiza da Chandni.

Alaƙar irin wannan mai da ciwon ƙoda ba sabon labari ba ne. Tun 1972 likitoci a Nairobi suka ba da rahoton 'yan mata masu shafa man zaiba da suka zo da ciwon da ke sa ƙoda ta riƙa zubar da furotin a fitsari. Alamarsa fitsari mai kumfa da ba ta kwanciya, kumburin fatar ido da safe, kumburin ƙafa da yamma. Ta ɓangaren jijiya kuma akwai rawar hannu, wadda ake fara lura da ita wajen zura zare a allura ko ɗinkin hula, rashin barci, mantuwa, saurin fushi, faɗuwar gaba ba dalili, jin hannu da ƙafa suna mutuwa. Wasu dasashinsu ke kumbura, su riƙa jin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ba wuya a ga yadda irin waɗannan alamu za su sa a tafi neman maganin iska ko sammu, a yi watanni ana hayaƙi da rubutu, robar man na nan a kan madubi ba wanda ya kalle ta.

Wani bambanci babba shi ne zaiba ba ta tsaya a kan mai shafawa ba. Tana mannewa a tawul da zanin gado da matashi, tana tashi ta gauraya da iskar ɗaki, musamman ɗaki mai zafi marar taga. An sha gwada mutanen gidan mai shafawa a samu zaiba a fitsarinsu alhali ba su taɓa man ba. Uwar da ta shafa ta goya ɗa, ko ya kwanta a ƙirjinta, ta raba masa. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana kuma fita a nono. Yaron da ta taɓa yakan yi ta kuka, ya ƙi abinci, tafin hannu da na ƙafa su yi ja suna saɓa, jininsa ya hau.

## Ganewa kafin a shafa

Sitiroyid ne ya fi sauƙin ganewa, domin yawanci a tiyub na magani yake zuwa, mai giram 15 ko 30, cikin kwali da 'yar takarda. A nemi wanda ya iya karatun boko ya duba inda aka jera abin da ke ciki. Sunayen da za a nema, kamar yadda ake rubuta su, su ne *clobetasol*, *betamethasone*, *fluocinonide*, *dexamethasone* da *beclomethasone*. Dermovate da Movate da Tempovate kulobetasol ne. Skineal na ɗauke da kulobetasol tare da maganin makero da na ƙwayoyin cuta. Funbact-A na ɗauke da betametason tare da irin waɗannan biyun. Hoton lemo ko karas ko gwanda a jikin kwali ba ya canza abin da aka rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

A nan ne maganar lambar NAFDAC ke ruɗa mutane. Tiyub na iya ɗauke da lamba ta gaskiya, domin an yi masa rajista a matsayin magani. Lambar na nufin an yarda a yi maganin ciwo da shi bisa ƙa'ida. Ba ta nufin an yarda a mayar da shi man shafawa. Rashin lamba hujja ce ta a guje wa kaya, amma samunta ba hujjar a shafa ba ce, balle ma ana buga ta jabu.

Zaiba kuwa idan an rubuta ta, za a ga *mercury*, *Hg*, *calomel*, *mercurous chloride*, *mercuric iodide*, *ammoniated mercury*, *cinnabaris* ko kalmar da ta fara da *hydrargyr*. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara wata alama mai amfani: idan takardar mai ta ce a cire zobe da sarƙa kafin a shafa, ko kada ya taɓa zinare, azurfa, alminiyam ko roba, to akwai zaton zaiba, domin tana cin zinare da azurfa da alminiyam. Sai dai mafi yawan masu zuba ta ba sa rubutawa. Ba ta da wari, ba ta da launin da za a dogara da shi, kuma babu gwajin gida da zai tabbatar da babu ita. Na'ura ce kawai ke nunawa. Don haka abin da ya rage wa mai saye shi ne alamun zato: mai marar jerin abin da ke ciki, marar sunan kamfani da adireshi, rubutun da ba wanda ya iya karantawa, alƙawarin fari cikin kwana bakwai ko goma sha huɗu, umarnin a shafa da dare kawai a guji rana.

Haɗin roba marar suna shi ne ya tara duka. Mai haɗin kanta sau da yawa ba ta san abin da ke cikin rabin kayan da ta zuba ba, domin ita ma sarowa ta yi. Rubuta “na gargajiya” ko “oganik” a jiki ba ya nuna komai. Kurkum da zuma da madara ba sa mayar da baƙar mace fara cikin mako biyu. Idan hakan ta faru, akwai abin da ba a faɗa ba.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Hukuma na ganin mafita ita ce haramci da kame da wayar da kai. Masu sukar wannan hanya na cewa samame a manyan kasuwanni ba ya kai wa ga jakar dillaliya, kuma tunda sitiroyid magani ne halattacce, ba za a iya kwashe shi daga kasuwa ba. Abin da za a iya shi ne hana sayar da mai ƙarfinsa ba takardar likita, wanda ke da wuyar tabbatarwa a garin da kemis ne asibitin farko.

Masu kemis da masu haɗi na cewa mutane ne ke nema, idan wannan bai sayar ba na gaba zai sayar. Suna kuma da wata magana da ba a cika saurara ba: mai ƙaiƙayi a ƙauye ba shi da likitan fata kusa, tiyub ɗin kuma yana kawo sauƙi nan take da kuɗi kaɗan. Likitocin fata ba su musa sauƙin ba, amma suna cewa shi ne tarkon, domin yana ɓoye ciwon ba ya warkar da shi.

Malamai da dama sun yi hani, wasu ta fuskar canza halittar Allah, wasu ta fuskar ƙa'idar hana cutar da kai da cutar da wani, suna bambanta shi da neman maganin tabo ko ciwo. Su kuwa matan da ke shafawa sukan nuna inda matsin yake fitowa: saurayi mai cewa fara yake so, kishiya, dangin miji, uwar da ke tsoron 'yarta ta rasa manemi. Maza ma na shafawa, ko da yake ba a cika maganarsu ba. Abin lura shi ne gori da kunyatarwa na da nasu sakamakon a asibiti. Matar da ke tsoron a ce mata 'yar bilicin ba za ta faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da take shafawa ba, shi kuma sai ya yi ta maganin hawan jini ko suga bai san tushen ba.

## Wadda ta riga ta fara

Mai zaiba, ko wanda ake zargin yana da ita, dainawa ake yi nan take. A ƙulle robar a leda, kada a ƙona ta domin hayaƙin guba ne, kada a jefa a masai ko kusa da rijiya ko inda yara ke wasa. A tafi da ita asibiti. Tawul da zanin gadon da suka sha man an fi so a rabu da su, domin wanki ba lallai ya fitar da ita ba. A asibiti gwajin farko mai sauƙi ne, na furotin a fitsari da awon jini, wanda manyan asibitocin ƙananan hukumomi ke yi. Auna zaibar kanta a fitsari sai babban ɗakin gwaji. A duba yaran gidan su ma. Jiki na fitar da ita a hankali, kamar rabi cikin wata ɗaya zuwa biyu, kuma ciwon ƙodar da aka kama da wuri sau da yawa yana lafawa bayan an daina, wani lokaci tare da magani. Wanda aka bari ya yi nisa yana iya kai wa ga wankin ƙoda, da zirga-zirga zuwa Kano ko Dutse da kuɗin da ƙaramin manomi ba zai jure ba.

Sitiroyid akasin haka ne. Wadda ta yi 'yan kwanaki tana shafawa a ɗan wuri za ta iya dainawa kawai. Amma wadda ta yi watanni tana shafe jiki, kamar amaryar lissafinmu idan ta ci gaba bayan biki, yanke shi rana ɗaya na da haɗari biyu. Na farko a fata: ja, zafi kamar ƙuna, ƙaiƙayi, saɓa, ƙuraje, da duhun da ya fi na asali, abin da ke iya ɗaukar makonni ko watanni. Wannan ne ke mayar da yawancin mata ga robar, su ce fatarsu ba ta son wani mai sai shi. Na biyu a cikin jiki: tunda jikin ya rage yin kotisol nasa, idan na waje ya yanke kwatsam sai a ga kasala mai tsanani, jiri, amai, faɗuwar jini, har suma. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, naƙuda ko tiyata na iya tayar da wannan, kuma yana kisa idan ba a kai asibiti da gaggawa ba.

Shi ya sa likita ke janye shi a hankali, ya rage yawan shafawa ko ya sauya zuwa mai sauƙi, ya auna jini da suga, idan da hali ya auna kotisol na safe, ya kuma yi maganin makeron da ke ɓoye. A wannan lokacin abin shafawa shi ne basilin zalla ko man kaɗanya da sabulu marar ƙarfi, tare da rufe jiki daga rana, domin fatar ba ta da kariya. Ana ganin likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma asibitoci irin su Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu na iya duba mutum ko su tura shi gaba. Mai ciki da ke zuwa awo, ko wadda za a yi wa aiki, ya kamata ta faɗi abin da take shafawa da tsawon lokacin da ta ɗauka, ta kuma riƙo tiyub ɗin ko robar haɗin a hannu, domin hakan na canza irin shirin da za a yi mata kafin haihuwa ko tiyata.